Darasi na 6: "Saura kaɗan" da "an kusa rufewa" a kasuwar Sallah

To jama'a, ku buɗe sabon shafi. Yau da tela za mu yi misali, amma mai taki gab da damina da mai raguna duk lissafinsu ɗaya ne.

Mataki na 1: ƙirga kafin ka faɗa

A ce yau 10 ga azumi. Kana ɗinka kaya 2 a rana, 2 ɗin da ka saba fa, ba wanda kake buri ba. Ka tsayar da aikinka a 27 ga wata, don watan yana iya yin 29 kuma akwai guga da saka maɓalli. Daga 10 zuwa 27 kwana 18 ke nan. Cire kwana 2 saboda keke kan lalace ko zazzaɓi ya kama ka, saura 16. Kwana 16 sau 2, kaya 32. Yanzu juya ka ƙirga yadin da ke jibge a shago, a ce 20 ne. 32 a cire 20, saura 12.

Wannan 12 ɗin ita kaɗai za ka faɗa. Rubuta ta. A hankali, in hannu na rawa ba komai, kowa haka ya fara.

Nan ne kullum kuke faɗuwa, sai ku ƙirga mutane maimakon kaya. Alhaji ɗaya zai shigo da leda, nasa da na yara huɗu, wannan kaya 5 ne, ba 1 ba. Goge 12 ka rubuta 7. Na sake faɗa, kaya ake ƙirgawa. Duk wanda ya kawo, ka rage a littafi tun bai juya baya ba, sannan in an tambaye ka saura nawa, duba littafin tukuna kafin bakinka ya amsa.

Haba, wancan makon wani a ajin nan ya ce min "Malam ai in na ce saura 2 sun fi rugowa". Eh za su rugo bana. Amma a ƙauye muke, wanda ka ce wa saura 2 zai gan ka kana karɓar na goma, baɗi ko da gaske ka cika ba mai yarda, sai a kawo maka yadi daren Sallah a yi ta rigima. Kuma kun san hadisin da ya ce rantsuwa na sayar da kaya amma tana shafe albarka. Ku daina!

Mataki na 2: ranar rufewa

Faɗi rana da dalili: "Zan rufe karɓa 20 ga azumi, ko in 12 ta cika, don kar in riƙe wa kowa kaya." Ban da "kwanan nan". In ranar ta zo, rufe, ko surukinka ne ka ba shi haƙuri ka nuna masa wani telan.

Mataki na 3: ragi

In ka ce ragin ₦500 zai ƙare Juma'a, Asabar kuɗi ya koma yadda yake.

Aikin gida: yi naka lissafin, ka zo da littafin.