Darasi: Layi biyu a damina daban, layi biyu a rani daban

Kun san ɗan abin awon maleriya da ake soka ma yaro tsinke a yatsa, a ɗiga jini, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya wajen C kawai, an ce nagatif. Layi biyu, C da T, an ce fozitif. To yau abin da za mu koya shi ne, wannan layi biyun ba nauyinsa ɗaya ba kullum, ya danganta da yadda ciwon ya yi yawa cikin mutanen da ake aunawa.

Babu awon da ba ya kuskure. Wani lokaci ya tsallake mai ciwo, wani lokaci ya laƙa ma wanda ba ya da shi. A awon maleriya ma akwai dalili sananne: yawancin irin wannan abin awon wani sinadari da ƙwayar cutar ke saki cikin jini yake nema, shi kuma sinadarin yakan daɗe, har makonni bayan an sha magani ƙwayar ta mutu, sai a ga layi biyu alhali wani abu ne daban ke ba yaron masassara.

Mu ɗauki misali, lambobin don lissafi ne kawai. A ce awonmu yana kama 90 cikin masu ciwo 100, kuma cikin mutum 100 marasa ciwon yana laƙa ma 10 bisa kuskure.

Watan Satumba ne a Sakkwato, ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya yi yawa, an kawo yara 1000 masu masassara, a ce 500 maleriya ce ke damunsu da gaske. Awo zai kama 450, ya tsallake 50. Sauran 500 ɗin da ba su da ita zai laƙa ma 50, ya wanke 450. Masu layi biyu ke nan 500, na gaskiya cikinsu 450, wato tara cikin goma. Wannan kason shi ma'aikatan lafiya ke rubutawa PPV: cikin duk waɗanda aka ce fozitif, nawa ne ke da ciwon da gaske.

PPV = 450 ÷ 500 = 90%

Yanzu mu koma Afrilu, zafi ya kai zafi, kududdufai sun bushe. Yara 1000 masu masassara kuma, amma a ce 100 kaɗai ke da maleriya. Awon dai shi ne, ba a canza komi ba. Zai kama 90 ya tsallake 10. To ga inda lissafin ya juya, ku natsu nan: marasa maleriyar yanzu 900 ne, kuma goma cikin kowane ɗari na 900 ai 90 ne. Fozitif na gaskiya 90, na kuskure 90.

PPV = 90 ÷ 180 = 50%

Rabi da rabi ke nan. Ba awon ne ya lalace ba, marasa ciwon ne suka yi yawa har ɗan kuskuren da ake yi kansu ya taru ya kamo na gaskiyar.

Shi kuma NPV na masu layi ɗaya ne, cikin waɗanda aka ce nagatif nawa ne ba su da ciwon da gaske. A rani an wanke 810 daidai, an tsallake 10, 810 cikin 820, kusan 99%. A damina 450 cikin 500, 90%, wato ɗaya cikin goma an ce babu alhali akwai. Shi ya sa ke uwar yaro, in an ce ma ki nagatif cikin damina amma jikin yaro ya ƙi sanyi, kada ki zauna gida kina cewa ai an auna, ki koma a sake dubawa.

Abin da ya fi damuna shi ne na rani. In an ce fozitif a ba yaro maganin da aka rubuta, ya shanye duka, wannan ba gardama. Amma lokacin zafi a nan lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, in wuyan yaro ya sandare, ko yana jijjiga, ko ƙuraje sun feso, ko ya kasa shan nono, don Allah kada layi biyu ya rufe ma kowa ido, a kai shi asibiti nan take. A kuma gaya ma malamin asibiti in yaron ya sha maganin maleriya kwanan baya, don wannan na canza yadda zai karanta awon.

Kuma ba wata kaɗai ke canza yawan ciwo ba, har da wuri. Ƙauyen da ke bakin fadamar Rima ko kusa da dam ɗin Goronyo inda ake noman rani sauro bai cika yankewa ba, lissafinsu ba zai zo ɗaya da na ƙauyen kan tudu ba.

Aikin aji: yara 1000, 200 ke da maleriya, awon nan dai namu. Ku fitar da fozitif na gaskiya, sannan na kuskure cikin sauran 800, ku haɗa su ku nemo PPV. Wanda ya samu 180 cikin 260 ya yi daidai.