Darasi na Tara: Jera Tambayoyin Kacici-kacici da Nuna Amsar Daidai

Idan ƙarshen zango ya matso, ajin ilimin manya kan shirya gasar kacici-kacici ko ɗan gwaji. Malamai uku ko huɗu ne ke kawo tambayoyi, kuma kowa da yadda ya saba rubutu. Wani zai kawo a takarda, wani ya turo ta waya a dunƙule, tambaya da amsoshi duk a layi ɗaya. Aikin magatakardan aji shi ne ya warware su, ya zuba su a tsari ɗaya, yadda mai karantawa a gaban jama'a ba zai yi tuntuɓe ba, mai duba takardu kuma ba zai ba da maki inda bai dace ba. Abin da za mu koya ke nan yau.

Mu ɗauka wata malama a wani aji a Argungu ta turo wannan saƙo:

"1 jihar kebbi an ƙirƙiro ta a 1976 ko 1991 ko 1996 ko 1987 amsa 1991. babban birnin zamfara a ƙaura namoda b gusau c anka d talata mafara (b). ƙananan hukumomi nawa ke kebbi 14, *21, 23, 44. bikin kamun kifi ana yin sa a argungu b yauri c jega amsa na farko"

Karanta shi da ƙarfi sau biyu kafin ka taɓa biro. Tambaya huɗu ce a ciki, amma ta farko kaɗai aka sa wa lamba. Kuma lura da yadda malama ta nuna amsa: a ta farko ta rubuta amsar kanta, a ta biyu ta sa harafi cikin baka, a ta uku ta ɗora tauraro, a ta huɗu ta ce "na farko". Hanya huɗu a saƙo ɗaya.

Tsarin da za mu bi

Kowace tambaya tana cin layi shida. Layin farko lamba ce da tambayar, ta ƙare da alamar tambaya. Layi huɗu na biye zaɓuɓɓuka ne, kowanne a layinsa, da babban harafi A, B, C, D, sai ɗigo, sai ɗan fili. Layi na shida shi ne na amsa. Daga nan a tsallake layi ɗaya kafin tambaya ta gaba. Ko da yake a abacadar Hausa Ɓ ke bin B, a nan ba a sa ta, domin A, B, C, D ne 'ya'yanmu ke gani a jarrabawar JAMB, kuma B da Ɓ na saurin rikicewa a rubutun hannu.

Fara da amsa, ba da tambaya ba

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. Kafin ka kwafi komai, ɗauki jan biro ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ita ce amsa a cikin saƙon na asali. In a waya yake, fara kwafe shi a takarda yadda yake, kada ka gyara ko wasali. Ka ja layi a ƙarƙashin 1991, da gusau, da 21, da argungu.

Me ya sa kalmar, ba harafin ba? Saboda harafi na tashi daga wurinsa, kalma kuwa ba ta tashi. Dubi tambaya ta farko. Malama ta jero shekarun a hargitse, 1991 ta zo ta biyu. Ƙa'ida ita ce a jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, domin idon mai amsa ya bi su cikin sauƙi. Da ka jera su haka, sai 1991 ta koma ta uku. Wanda ya riga ya rubuta "B" a gefe tun farko, to ya nuna 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Katsina, ba Kebbi ba. Ɗalibin da ya sani zai faɗi, wanda ya yi canki-canka ya ci. Saboda haka harafin amsa shi ne abu na ƙarshe da ake rubutawa, bayan zaɓuɓɓuka sun zauna a wurinsu:

1. A wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Kebbi?
A. 1976
B. 1987
C. 1991
D. 1996
Amsa: C (1991)

Ka ga a layin amsa mun haɗa harafi da kalma. Kada ka ji ƙyuyar wannan. Ranar da wani ya sake juya zaɓuɓɓukan, saɓanin da ke tsakanin harafin da abin da ke cikin baka shi zai tona kuskuren. Ka kuma lura mun mayar da maganar malama tambaya sosai, mun cire "ko" da ke tsakanin shekarun, amma ba mu sauya abin da take nufi ba.

Ta biyu da ta uku ba su da wuya. Sunayen garuruwa a fara su da babban baƙi, tauraron da ke jikin 21 kuma a cire shi.

2. Wane gari ne babban birnin Jihar Zamfara?
A. Ƙaura Namoda
B. Gusau
C. Anka
D. Talata Mafara
Amsa: B (Gusau)

3. Ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Kebbi?
A. 14
B. 21
C. 23
D. 44
Amsa: B (21)

Abu ɗaya za a kula da shi a ta biyu: Ƙaura Namoda suna ɗaya ne, haka Talata Mafara. Wanda bai san garuruwan ba, in babu haruffa a tsakani, zai iya raba su ya ƙirga zaɓi shida.

Tarkon "a"

Tambaya ta huɗu ce ke kayar da mutane. An rubuta "ana yin sa a argungu b yauri c jega". Wannan "a" ɗin, ta "a kasuwa, a gida" ce, ko kuwa harafin zaɓin farko? A Hausa kullum muna cin karo da wannan, tunda "a" kalma ce da ba a yin jimla uku ba a faɗe ta ba. Mai gaggawa sai ya haɗa Argungu cikin jikin tambaya, ya rubuta "Bikin kamun kifi ana yin sa a Argungu?", ya bar Yauri da Jega a matsayin zaɓi. Ya ba da amsa a cikin tambaya, kuma "na farko" ya koma kan Yauri.

Dabarar ita ce ka nemi "b" tukuna, sannan ka koma baya. Abin da ya zo kafin "b" kai tsaye shi ne zaɓin A, komai kamanninsa da jikin jimla. A nan Argungu ne. Haka a tambaya ta biyu: "a ƙaura namoda" zaɓi ne, ba wai ana cewa babban birnin yana Ƙaura ba.

Da sauran rina a kaba. Zaɓi uku ne kawai, sauran tambayoyin kuwa huɗu-huɗu. Sannan tambayar kanta a sake take, domin garuruwan bakin ruwa da yawa suna fita su, mutumin Yauri zai iya miƙewa ya yi gardama. A nan iyakar magatakarda ta zo. Ba aikinka ba ne ka ƙirƙiri zaɓi ko ka sauya tambaya kai kaɗai. Sa alamar tambaya da fensir a gefe, ka koma wurin mai ita: "Malama, ta huɗun nan zaɓi uku na gani, wane gari za a ƙara? Kuma ko za a ambaci kogin, don kada a yi musu?" In ta ce a ƙara Zuru, a kuma sa Matan Fada, sai ka rubuta:

4. A wane gari ake bikin kamun kifi na kogin Matan Fada?
A. Argungu
B. Yauri
C. Jega
D. Zuru
Amsa: A (Argungu)

Haka za ka yi in ba a nuna amsa ba sam, ko aka sa tauraro a wuri biyu, ko harafi ya ce abu kaza kalma ta ce wani. Ko kana ganin ka san amsar, tambayi mai tambayar. A ganina gara a ɗage tambaya ɗaya daga gasa da a karanta amsar da aka cinta.

Wani lokaci za ka tarar da zaɓi irin "duka na sama" ko "babu ko ɗaya". Waɗannan wurinsu D ne kullum. In ka ɗaga "duka na sama" zuwa A, babu abin da ke samansa.

Kwafi biyu

Abin da muka rubuta a sama kwafin malami ne. Na ɗalibai daban ake yi, a cire layin amsa gaba ɗaya. Amfanin keɓe wa amsa layinta ke nan: sharewa ɗaya ta wadatar. Tauraro ko kaurara rubutu a jikin zaɓi kuwa yakan maƙale, a kai shagon hoto a buga kwafi hamsin, sai an raba a ga amsa na kallon kowa. Kafin ka bayar a buga, ba wani wanda bai ga na malami ba ya duba, ka tambaye shi ko akwai zaɓin da ya fita daban a ido.

Sannan ka fitar da makullin amsa a 'yar takarda: 1 C, 2 B, 3 B, 4 A. Ƙirga su. In tambaya ashirin ce, amsa ashirin za ka gani, zaɓuɓɓuka tamanin. Dubi yadda haruffan suka rabu kuma. Masu rubuta tambaya kan so ajiye amsa a wuri ɗaya ba tare da sun lura ba. In B ta fito sau goma sha biyu cikin ashirin, ɗalibai za su gane, don haka juya wasu daga cikin na sunaye, ka bar na lambobi a jerensu. Duk wadda ka juya, sake rubuta harafin amsarta nan take, kana kallon kalmar da ka ja wa jan layi.

In za a sa a kwamfuta

Wasu makarantu na ɗora tambayoyi a manhajar Moodle, wadda ke karɓar wani tsari mai suna Aiken. Kusan namu ne, sai dai kwamfuta ba ta yin uzuri. Tambaya a layi ɗaya take, ba a buƙatar lamba, layin amsa kuma dole ya zama `ANSWER:` da manyan baƙaƙe, sai fili, sai harafin kaɗai ba tare da baka ba:

```
Wane gari ne babban birnin Jihar Zamfara?
A. Ƙaura Namoda
B. Gusau
C. Anka
D. Talata Mafara
ANSWER: B
```

Ka gaya wa mai bugawa ya adana fayil ɗin a matsayin rubutu zalla da `UTF-8`, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya fitowa a gurɓace.

Aikin gida

Kwafi wannan saƙo a littafinka yadda yake, ja layi a ƙarƙashin amsoshi, sannan ka jera shi. Akwai tambaya ɗaya da dole a koma wurin mai ita. Gano ta, ka rubuta abin da za ka tambaye shi.

"masarautu nawa ne a jihar kebbi 6 ko 2 ko 4 ko 3 amsa 4. watan da ke bin ramadan a sha'aban b shawwal c rajab d muharram amsa c shawwal. mudun shinkafa naira 1500 mudu huɗu nawa ke nan 4500, 7500, *6000, 5000. fadar sarkin gwandu tana a birnin kebbi b jega c bunza d kamba amsa na farko"

Ka zo da kwafin malami, da na ɗalibai, da makullin amsa a darasi mai zuwa. Za ku yi musayar littafi da na kusa da kai, kowa ya duba na ɗan'uwansa.