Darasi: Gano Tsarin Sinadari daga Lissafinsa da Sakamakon NMR

An ba ku ruwan sinadari a ƙaramar kwalba, an ce lissafinsa C₅H₁₀O ne, wato kabon biyar, haidurojin goma, oksijin ɗaya. Wannan bai isa ku san ko mene ne ba, domin sinadarai da dama suna da wannan lissafi, amma yadda ƙwayoyinsu suka haɗu ya bambanta. A wannan darasi za mu bi kwalbar nan har mu gano abin da ke ciki.

Kafin a duba na'ura

Ku fara da fensir. Kabon hannu huɗu gare shi, oksijin biyu, haidurojin ɗaya. Idan kabon ya jeru babu zobe, kuma kowane hannu da ya rage ya kama haidurojin, adadin haidurojin zai zama ninkin kabon biyu a ƙara biyu. Kabon biyar ke nan zai ɗauki 12. Namu yana da 10, an rasa biyu. Duk haidurojin biyu da aka rasa giɓi ɗaya ne.

```
giɓi = (2C + 2 + N − H − X) / 2
     = (10 + 2 − 10) / 2 = 1
```

N na nufin naitirojin, X kuwa kulorin, buromin da danginsu. Oksijin ba ya shiga lissafin sam. Idan amsa ta fito da rabi, a sake dubawa, akwai kuskure.

Giɓi ɗaya yana nufin ɗayan abu uku: C=C, ko C=O, ko zobe. Lissafin bai faɗi wanne ba. Aikin na'ura ke nan.

Abin da na'ura ta nuna

Na'urar NMR, a gwajin kabon, tana jin kabon-13 ne kawai, wanda bai wuce kashi 1.1 cikin ɗari na kabon ba. Kowane irin kabon yana fitowa da tsininsa a kan ma'aunin ppm. Gwajin DEPT, wanda Doddrell da Pegg da Bendall suka wallafa a 1982, shi ke faɗin haidurojin nawa kowane kabon ya riƙe. A DEPT-90, CH kaɗai ke fitowa. A DEPT-135, CH da CH₃ suna kallon sama, CH₂ yana kallon ƙasa. Kabon da ba shi da haidurojin ko ɗaya ba ya fitowa a duka biyun. Ga sakamakon kwalbarmu:

```
ppm   DEPT-90   DEPT-135
212   babu      babu
42    akwai     sama
27    babu      sama
18    babu      sama
```

A takardar za ku ga wasu tsini uku a manne wajen 77. Na CDCl₃ ne, ruwan da aka narkar da sinadarin a ciki. Kada ku ƙirga su. Masu koyo da yawa a nan suke samun kabon da babu shi.

Mu ɗauki 212 tukuna. Kabon C=C yakan fito tsakanin 100 da 160, kuma babu komai a wurin. Abin da ya haura 190 kuwa C=O ne na keton ko na aldehaid. To giɓinmu ya samu gida: C=O ne, saboda haka babu zobe, babu C=C. Saura a raba keton da aldehaid. Kabon aldehaid yana riƙe da haidurojin ɗaya, da shi ne da ya leƙo a DEPT-90. Namu ya ɓace a duka biyun, don haka keton ne. Wannan hujja ta fi dogaro da lambar ppm ƙarfi, domin lambobin keton da aldehaid sukan kusanci juna wajen 200 zuwa 205.

Sauran ba wuya. Na 42 ya fito a DEPT-90, CH ne. Na 27 da na 18 sun kalli sama amma ba su fito a DEPT-90 ba, CH₃ ne. Babu CH₂, tunda babu tsinin da ya kalli ƙasa.

Ƙirga ta ƙi cika

Nan ne zuciyar darasin. Tsini huɗu muka gani, kabon kuwa biyar ne. Mu tara haidurojin: C=O babu, CH ɗaya, CH₃ uku, wani CH₃ uku. Bakwai ke nan, alhali goma muke nema. An rasa kabon ɗaya da haidurojin uku, wato CH₃ guda cur. Bai ɓace ba. Idan kabon biyu suna zaune a muhalli iri ɗaya, na'ura ba ta bambance su, tsini ɗaya take ba su. Ashe ɗaya daga cikin tsinin CH₃ na kabon biyu ne.

Wanne? Za ku ga na 18 ya fi tsawo, kuma wannan alama ce, amma ban ba ku shawarar jingina da ita ba. A gwajin kabon na yau da kullum tsawon tsini ba ya bin yawan kabon daidai. Wanda ba shi da haidurojin ma yakan fito ɗan guntu har a ɗauka datti ne. Gara a bar haɗa gutsattsarin ya ba da amsa.

Muna da C=O mai hannu biyu a sake, CH mai hannu uku, da CH₃ uku kowanne da hannu ɗaya. Gwada ɗora CH₃ a kowane gefen C=O: hannaye sun ƙare, an sami asiton, CH ya rasa inda zai kama. Ba ta yiwu ba. Dole hannu ɗaya na C=O ya kama CH, ɗayan ya kama CH₃. CH ya rage da hannu biyu, sai CH₃ biyun da suka rage su zauna a kai:

```
CH3–CO–CH(CH3)2
```

Yanzu a koma a gwada shi da takarda. CH₃ biyun da ke kan CH tagwaye ne, su ne 18. CH₃ da ke jikin C=O an ɗan ja shi gaba zuwa 27. Kabon biyar, haidurojin goma, giɓi ɗaya. Kada ku tsallake wannan komawa. Da sinadarin CH₃COCH₂CH₂CH₃ ne, lissafinsa ɗaya da namu, amma da mun ga tsini biyar, biyu suna kallon ƙasa.

Idan haidurojin ya ragu, kabon ya cika

Wani lokaci kabon zai cika amma haidurojin ɗaya ya ƙi fitowa. DEPT na ganin haidurojin da ke jikin kabon kaɗai. Wanda ke kan oksijin ko naitirojin ba ruwansa da shi. Misali C₄H₁₀O, giɓi sifili, tsini biyu: 69 wanda ya ɓace a DEPT, da 31 na CH₃. Kabon huɗu na nufin CH₃ uku ne suka taru a 31, haidurojin tara. Na goman yana kan oksijin, OH ke nan, kuma 69 ya dace da kabon da ke riƙe da oksijin, wanda yakan zauna tsakanin 50 da 90. Sinadarin shi ne (CH₃)₃COH.

Aikin gida

Wata kwalba ita ma C₅H₁₀O ce, amma tsini uku ta bayar: 212 ya ɓace a DEPT, 35 ya kalli ƙasa, 8 ya kalli sama kuma bai fito a DEPT-90 ba. Ku fitar da giɓi, ku tara kabon da haidurojin, ku ga abin da ya ragu, sannan ku zana tsarin ku kawo wa malami a zama na gaba.