Yadda ake ɗaukar muryar wasan kwaikwayo a gida da ƙaramin mayik da bargo

Yara da dama nan Sakkwato suna turo man rikodin ɗinsu in saurara, masu wasan kwaikwayo na murya da masu sa ma katun magana da masu karanta littafi, kuma kusan kowa tambaya guda yake yi, wai wane mayik zan saya. Ni ko da na sa abin a kunne ba mayik nike ji ba, ɗaki nike ji. Muryar tana fitowa kamar mutum na magana cikin bayi ko cikin masallacin da babu kowa, jarumi na kuka amma ka ji shi can nesa. Ko ka sayi mayik mai tsada in ka kai shi ɗakin siminti mai tayil abin da za ka samu ke nan, har ma ya fi fitowa fili don shi ya fi jin komi.

Dalilin ba wani mai wuya ba ne. Sauti na tafiya kamar mita 340 a daƙiƙa guda, to in bango na mita 2 da kai, muryarka ta je ta doki bango ta dawo cikin wani ɗan lokaci da kunne bai iya rabe shi da maganar farko. Shi ya sa ba ka jin amsa-kuwwa irin ta cikin rijiya, sai dai ka ji muryar ta yi kauri ta yi nisa, kuma da zarar ta shiga rikodin ta gauraya ke nan, gyaran kwamfuta bai fidda ta ba tare da ya ɓata murya ba.

Fara da zaɓen ɗaki. Shiga tsakiyar kowane ɗaki na gidanku ka tafa hannu sau guda da ƙarfi ka saurara. In ka ji wani ƙara ya biyo bayan tafin, wani "rrr" siriri, wanga ɗaki zai ba ka wahala. In tafin ya mutu nan take to shi ne naka. Galibi ɗakin kwana mai katifa da labule da kafet da kaya rataye ya fi falo, kuma ɗakin ginin ƙasa ya fi na bulo da aka shafe da siminti aka zuba tayil. Kada ka kafa mayik a kusurwa, kada kuma ka kafa shi daidai tsakiyar ɗaki, ka ɗan karkata gefe guda.

To yanzu maganar bargo, kuma nan ne nike son in daɗe don nan ne ni kaina na ɓata makwanni. Lokacin da na fara sai na rataye bargona a bangon da ke gabana, bayan mayik, don a tunanina can muryata ke zuwa. Na ɗauki fitowa wajen goma na wani wasa da munka shirya, na saurara, ɗakin na nan daram. Abin da ban gane ba shi ne yawancin mayik ɗin da ake sa ma sanda, irin BM-800 da 'yan uwansa, gabansu suke ji sosai, bayansu kaɗan. Gaban mayik kuma kai yake kallo, da kai da bangon da ke bayanka. Ke nan muryar da ta zagaya ɗaki ta doki bangon baya ta wuce ta saman kafaɗarka, ita ce ke faɗawa cikin mayik kai tsaye. In bargo guda gare ka, bayanka za ka sa shi. Wanga ba abin gardama ba ne a wurina.

Yadda nike yi, ina ɗaura igiyar shanya daga ƙusa zuwa ƙusa, tsayin ya wuce kaina in ina tsaye, in rataye bargon ya sauko aƙalla zuwa ƙugu, tsakanina da shi kamar kamu guda. Kada ka miƙe shi sumul kamar allo, bar shi da lanƙwasa irin ta labule, kuma kada ka manna shi jikin bango, bar ɗan fili ko na faɗin tafin hannu ne, iskar da ke tsakani tana ƙara mai ƙarfin shanye sauti. Bargo na biyu da na uku su tafi dama da hagu, sai ya zama kana cikin wani ɗan lungu mai buɗaɗɗen gaba. Gaban kuma in akwai wadirof buɗe shi ka fuskanci kayan sawa, ko ka jingina katifa tsaye a bango. Ƙasa a shimfiɗa kafet ko darduma biyu. In kan tebur ka ɗora mayik to shimfiɗa tawul a kai, tebur ma bango ne, mutane na mantawa da shi. Sai ka sake tafa hannu daga inda za ka tsaya, in har yanzu akwai ƙara duba sama, wani lokaci silin ne, sai ka yafa zanen gado mai kauri bisa igiyoyin.

Irin bargon ma akwai magana. Nauyi ake nema, irin manyan nan masu gashi da ake fiddowa lokacin hunturu, ko ka ninka biyu. Zane da atamfa da labulen leshi ba su yin komi. Tamfol da leda su mayar da sauti suke yi. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ɓarnar gam ce kawai, kwali ne siriri. In za ka saya je wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwa lokacin zafi da ba mai neman bargo, ya fi sauƙin ciniki, amma kafin nan tambayi Inna ko Hajiya tukuna, kusan kowane gida akwai biyu ko uku a ajiye cikin akwati.

Akwai masu lulluɓa da bargo gaba ɗaya, su da mayik da waya. Na gwada, eko ya tafi amma muryar ta toshe kamar daga cikin kwali take fitowa, bargon na gogar mayik yana "shuu shuu" duk motsin da ka yi, ga zafi, a watan Afrilu da ake wuce digiri 40 garin nan minti biyar ba ka yi ba numfashinka ya fara fita da ƙarfi a rikodin. Sannan ɗan wasa na buƙatar motsa hannu da jiki, wanda ke duƙe ƙarƙashin bargo bai iya yin faɗa ko kuka yadda za a yarda da shi. Haka masu cusa mayik can cikin kwali da soso, toshewa ce iri guda.

Abin da bargo bai yi kuma shi ne tare ƙarar waje. Janaretan maƙwabta da kabu-kabu da awaki duk za su shigo, musamman ƙara mai kauri irin ta inji, wagga bargo bai ko ganinta. Maganinta lokaci ne. Ni bayan Isha'i can dare ko bayan Asuba kafin gari ya tashi nike ɗauka, lokacin ma ɗaki ya ɗan huce. A kashe fanka, a kashe firij in yana kusa, ka yi minti goma ka tsaya ka sha iska ka dawo. In da laftof kake ɗauka cire caja ka yi aiki da batir, sau da yawa wannan "zzzz" ɗin da ke ƙasan murya daga wuta yake. Waya kuma a sa ta Airplane mode.

Tsayuwa gaban mayik rabin aikin ce. Tsakanin bakinka da shi kamar santimita 15 zuwa 20, tsawon tafin hannu ke nan. Duk lokacin da ka ninka nisan, muryarka na raguwa da kusan 6 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, amma ƙarar ɗaki na nan yadda take, shi ya sa mai tsayawa nesa ke jin eko ko da bargo huɗu. BM-800 ta gefe ake yi mai magana, wajen da tambari yake, ba ta samansa ba, na ga mutum fiye da guda yana nuna shi ga baki kamar lasifikar wa'azi yana kukan murya ba ta fita. In kuma ɗan ƙaramin nan ne na maƙalawa a riga irin Boya BY-M1, shi ko'ina yake ji, don haka bargon gefe da na gaba sun zama dole, kuma kar ka maƙala shi a riga don yadi na gogarsa, ɗaure shi a sanda daidai haɓarka.

Mu nan "hwa" da "hu" ɗinmu iska suke turowa sosai, ga "ba" da "ta", sai ka ji "buf" a rikodin. Karkata mayik ɗan gefen baki yadda iskar za ta wuce, sannan ka lanƙwasa wayar hanga ka yi zobe ka ja safa siririya a kai ka sa tsakani, ba sai ka sayi komi ba. Lokacin hunturu baki na bushewa yana ɗan ƙas ƙas, aje ruwa kusa ka riƙa kurɓa.

Ga misalin da ke kada mutane. A ce fitowar uba ne yana yi ma ɗansa magana a hankali, sai ya fusata ya daka tsawa. Kafin ka ɗauka buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta, ka yi tsawar da gaske, ba gwaji na kunya ba, ka rage ƙarfin shigar mayik har tsawar ta tsaya wajen -6 dB, maganar yau da kullum kuma ta riƙa yawo kusan -18 zuwa -12. In ta kai 0 ta fashe, za ka ga saman igiyar sautin ya yi lebur kamar an yanke da wuƙa, wanga sai dai sake ɗauka. Wajen tsawar ja baya taki guda ka ɗan juya fuska, wajen raɗa ka matso kusa. To a wannan ja bayan ne za ka san ko bargon bayanka ya yi aiki, don tsawa ita ke tada ɗaki. Saurara da hedfon, in bayan kalmar ƙarshe ka ji wutsiya ta biyo, ƙara bargo ko ka matso da shi.

Saura ba yawa. A Audacity sa 48000 Hz in na bidiyo ne, Mono, ka bar daƙiƙa 10 shiru a farko ba motsi. Zaɓi shirun ka shiga Noise Reduction, mai rage ƙarar da ke ƙasan murya, ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi duka ka sake shiga, ni ba ni wuce 12 dB, in ka zarce muryar ta koma kamar ana magana ƙarƙashin ruwa. High-Pass Filter a 80 Hz don yanke ƙara mai kauri, Normalize zuwa -3 dB don daidaita ƙarfin murya, fitar da shi WAV. In za ka tura ma mai haɗawa ta WhatsApp tura shi a Document don kar a matse shi, kuma ka sa alama da alli ko salatif inda ƙafarka da sandar mayik suke, don fitowar da za ka ɗauka gobe ta yi daidai da ta yau.