Haƙoran mataji a bidiyon biki: warware saƙa kafin ka ƙara girma

Shagona na Agege ne, aikina kuwa juyar da tsofaffin kaset na biki da suna zuwa fayil. A watan nan kaɗai yara uku suka kawo mini aikin da suka ɓata, duk ciwo ɗaya: amarya ta ɗaga hannu, gefen hannun ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Kowanne kuma ya rantse kaset ɗin ne ya lalace. Kaset lafiyarsa lau.

Talabijin ɗin da muka taso da shi a Najeriya tsarin PAL ne. Kyamarar wancan zamani ba ta ɗaukar cikakken hoto lokaci guda. Tana ɗaukar rabi, wato layuka 288, ta tsallake ɗaya ta ɗauki ɗaya, sai bayan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ta ɗauki ɗaya rabin. Rabi 50 ke nan a daƙiƙa. Kwamfuta ita ce ke saƙa rabi biyu su zama firam guda mai layuka 576. Idan bango ne ko kujera, rabin biyu sun dace, ba ka ganin komai. Amma hannun mai kiɗa ya riga ya matsa tsakanin rabi na farko da na biyu, shi ya sa layi ɗaya ke nan, na ƙasansa yana can gefe. Wannan shi ne matajin.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ƙara wa bidiyo girma kafin a warware wannan saƙa, domin ni ma na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Wata Hajiya daga Idi-Araba ta kawo kaset ɗin MiniDV na bikin 'yarta. Na kwashe shi, awa guda ya ci kusan gigabait 13, na buɗe a VLC na ga hoto sumul, ban san manhajar ce ke gyara shi yayin kunnawa ba. Na ja shi zuwa layuka 1080, na miƙa mata filasha, na goge asalin don faifaina ya cika. Bayan mako biyu ta dawo. "Ɗana, me ya sami mayafin yarinyar nan? Duk ya zama igiyar ruwa." Na ce, "Hajiya, a kawo kaset ɗin in sake." Ashe kaset ya tafi Kano da amarya. Wata uku ina jira, na sake aikin kyauta, kunyar kuwa ba ta da farashi.

Ga dalilin da ya sa babu gyara. Muddin layukan na 576, manhaja ta san na wane rabi ne kowane layi, tana iya raba su. Da ka ja su zuwa 1080, kowane sabon layi cakuɗe ne na maƙwabta biyu daga lokuta daban-daban. Siririn mataji ya zama kauri, mai lanƙwasa, kuma babu sauran iyakar da za a bi a raba. Manhajojin ƙara girma masu kaifafa hoto sun fi muni, don suna ɗaukar haƙoran a matsayin ado ne na gaske, su ƙara musu kaifi. Rage girma ma haka yake ɓatawa. Saboda haka ni yanzu ba na goge asalin fayil sai mai kaya ya kalla a gidansa ya kira ni.

Kafin ka taɓa komai, tambayi fayil ɗin. MediaInfo, manhaja mai nuna bayanan fayil, zai nuna `Scan type` da `Scan order`, sai dai abin da aka rubuta wa fayil yake karantawa, rubutun kuma kan yi ƙarya. Ni na fi yarda da wannan umarni na manhajar ffmpeg, don hoton kansa yake dubawa:

```
ffmpeg -i biki.avi -vf idet -frames:v 1000 -an -f null -
```

A ƙarshe duba layin `Multi frame detection`. Idan `BFF` ya rinjayi sauran, rabin ƙasa ne farko. Idan `TFF`, na sama. Ka tabbata wurin da ka gwada akwai motsi, ba lokacin da liman ke zaune yana addu'a ba.

Nan ne kuskure na biyu yake, kuma yaran nan ba sa ji. Suna barin komai a kan `auto` su tafi cin abinci. Idan aka juya tsarin rabin, matajin zai ɓace, ka ɗauka ka gama, amma motsi zai riƙa karkarwa: hannu ya yi gaba, ya ɗan koma baya, ya sake gaba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, zai dai ce idonsa na ciwo. Kaset ɗin DV rabin ƙasa ne farko, na HDV rabin sama. Abin da aka kwaso daga VHS kuwa ya danganta da na'urar da ta kwaso shi, kada ka yi canke. Bayan ka gama, buɗe sakamakon a VLC, nemi inda wani ke ratsa gaban kyamara, ka riƙa danna `E` firam bayan firam. Tafiya gaba kawai ake so. Malam, wannan minti biyu ne, wane irin sauri kake yi?

Ga yadda na sake aikin Hajiya:

```
ffmpeg -i biki.avi -vf "bwdif=mode=send_field:parity=bff,scale=1440:1080:flags=lanczos,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac biki50.mp4
```

Lura da jerin: `bwdif` mai warware saƙa farko, `scale` mai ƙara girma a bayansa. Kalmar `send_field` kuma tana mayar da kowane rabi cikakken firam, a sami 50 a daƙiƙa. Wasu abokan sana'a sun fi son 25 don fayil ya yi sauƙi. Ni ban yarda ba. Kyamarar ta ga lokuta 50, ka zubar da rabinsu, rawar da ke gudana kamar ruwa ta koma tsalle-tsalle. Idan aikin mai daraja ne kuma akwai wuta, wani mai warware saƙa da ake kira QTGMC nake sawa ta cikin manhajar Hybrid, don ya fi tsabtace layukan da suka karkata, kamar zanen tabarma da wayar lantarki. Yana da nauyi ƙwarai, kada ka fara shi da janareto mai rabin tanki.

Sauran ƙanana ne. Wajen warwarewa kada ka zaɓi `Blend`, yana haɗe rabin biyu ne ya bar wa kowa fatalwa. Kada ka yanke baƙin gefe kafin warwarewa, layi ɗaya ka cire daga sama tsarin rabin ya juye. Hoton 4:3 zuwa 1440 yake tafiya, ba 1920 ba, sai dai in kana son amarya ta yi ƙiba dare ɗaya. Ƙananan akwatunan nan da ke karɓar jan waya da rawaya su fitar da HDMI sun riga sun warware sun ƙara girma a cikinsu, yadda suka ga dama, don haka ba na kwasar kaset da su.

Idan kuma `idet` ya nuna `Progressive` ne ya rinjaya, kamar yadda ake gani a fim ɗin silima da aka nuna a talabijin na PAL, ka bar shi yadda yake, warwarewa laushi kawai za ta ƙara masa. Kaset daga 'yan'uwa na Amurka daban ne: NTSC ne, layuka 480, rabi kusan 60 a daƙiƙa, don haka sakamakonsa ya tsaya a 59.94, kada ka tilasta masa 50.