Tace abin da gini ya tare a birnin wasa: kurakuran da ke cinye ribarsa

A wasan kwamfuta da aka gina birni mai cunkoso, kamarar da ke tsaye a lungu ba ta ganin komai sai bango biyu da ɗan sararin sama, amma injin zai iya aika dubban abubuwan da ke bayan bangon nan don a zana su. Tacewar da kowane inji ke yi da kansa tana cire abin da ke wajen kusurwar kallo ne kawai. Abin da ke gaba, ko da gini ya tare shi, yana nan cikin lissafi. Cire irin wannan ne aikin da `Occlusion Culling` ke yi a injin gina wasa na Unity, inda tsarin Umbra ke yanka filin gida-gida tun kafin a fara wasa, sannan a lokacin wasa CPU ya riƙa duba bayanan a kowane firam. Wannan dubawar tana cin lokaci, ko ta cire abu dubu ko ba ta cire ko ɗaya ba, kuma a nan ne yawancin kurakurai suke.

Babban kuskure shi ne auna nasara da yawan abin da aka cire. Mutum ya ga `Batches`, wato yawan rukunin umarnin zane, ya sauko daga 4,000 zuwa 900 sai ya ce aiki ya yi. Ma'aunin gaskiya shi ne milisakan. Wasan da ke son firam 60 a sakan yana da milisakan 16.6 ne kacal ga kowane firam. A ɗauki misali: a lungu, kafin a kunna tacewa, CPU na cin 15, bayan an kunna ya koma 10, duk da cewa tacewar kanta ta ci 1.5. An ci riba. Yanzu ɗan wasa ya hau rufin bene mai hawa ashirin. Daga can kusan komai a fili yake, abin da aka cire bai kai ya rama komai ba, 1.5 ɗin nan kuma sai an biya shi. Idan a da firam na cin 16 a wurin, yanzu ya haura 17, wasan ya fara sarƙewa. Wato an sauƙaƙa wurin da dama ba shi da matsala, an ƙara wa wuri mafi nauyi kaya. Haka abin yake a dandali mai faɗi, da kan gada, da doguwar hanya miƙaƙƙiya wadda ake hango ƙarshenta.

Gyaran shi ne a zaɓi wurare uku ko huɗu, lungu da mararraba da dandali da rufin bene, a auna kowanne da `Profiler` a kan ainihin na'urar da za a buga wasan, sau ɗaya da tacewa, sau ɗaya babu. Inda ta zama asara, a kashe ta idan kamara ta shiga yankin:

```csharp
cam.useOcclusionCulling = !onRooftop;
```

A irin wurin nan `LOD Group`, mai sauya abu da siffa mafi sauƙi idan yana nesa, shi ne ke rage nauyi, tare da tacewa ta nisa ta hanyar `Camera.layerCullDistances`. Kwandon shara da ke nesa da mita 200 ba ya buƙatar a tambayi ko gini ya tare shi, a daina zana shi kawai.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi tun farko: wane ne ke jan ƙafa, CPU ko GPU? Idan GPU ne, kuma nauyin daga haske da inuwa da gyaran hoto na ƙarshe yake zuwa, cire ginin da ke ɓoye ba zai taɓa wannan nauyin ba. Dama katin hoto yana watsar da ɗigon da wani abu ya riga ya rufe ta gwajin zurfi, musamman idan an fara zana na kusa, don haka ɓoyayyen bango mai sauƙin siffa bai kai tsadar da ake zato ba.

Kuskure na biyu yana wajen sa alama. Da yawa sukan zaɓi birnin gaba ɗaya su danna `Static`, sai kowane turken fitila da benci da allon talla ya zama `Occluder Static`. Turke ba ya ɓoye komai. Mai tarewa na ƙwarai shi ne babban abu, toshe, marar motsi: jikin bene, katanga, tudu. Ƙananan kaya a bar su a `Occludee Static` kawai, wato a iya ɓoye su amma kada a sa ran su ɓoye wani. Gilashi, shingen waya da ganyen bishiya kada su zama masu tarewa ko kaɗan, in ba haka ba za a leƙa ta tagar shago a tarar kayan ciki sun ɓace. A kula kuma: idan gini na da matakan `LOD`, Unity da siffar `LOD0` yake lissafin tarewa, saboda haka idan siffar nesa ta fi ta kusa ƙanƙanta, za a ga giɓi a bayanta.

Sai lambobin `Bake`, wato lissafin tarewar da ake yi tun kafin a fara wasa. `Smallest Occluder` yana zuwa a 5, `Smallest Hole` a 0.25, duka a mita. Idan abu ya ƙi ɓoyewa, hannu kan yi saurin sauke na farkon zuwa 1. A birni mai faɗin kilomita wannan yana kumbura bayanan, ya tsawaita lissafi, ya ƙara wa CPU aiki a kowane firam, alhali benaye ne ke yin kusan duk tarewar, kuma sun fi mita 5 nesa ba kusa ba. Gara a fara daga babbar lamba a riƙa saukowa, a tsaya inda ribar ta daina ƙaruwa. `Smallest Hole` kuwa matsalarsa ta fi fitowa a ido: idan ya fi tsagar da ke tsakanin gine-gine biyu girma, injin zai ɗauka tsagar a toshe take, sai mota ko bango su riƙa ɓullowa kwatsam idan an wuce. Kuma idan ba a sa `Occlusion Area` ba, Unity zai yi lissafi har cikin sararin sama da ƙarƙashin ƙasa inda kamara ba za ta taɓa zuwa ba. A zana shi daidai tituna da wuraren da ɗan wasa ke iya kaiwa.

Girman abin da ake tacewa ma yana da tasiri. Ana gwada akwatin iyakar abu ne, ba siffarsa ba. Idan aka haɗe unguwa guda ta zama jiki ɗaya don rage umarnin zane, kusurwa ɗaya ta leƙo sai a zana unguwar duka. Idan kuma aka bar kowace taga da kowace na'urar sanyaya ɗaki a matsayin abu mai zaman kansa, yawan gwajin ya fi zanen tsada. Gini ɗaya ko fuskar gini ɗaya shi ne daidai a mafi yawan birane. A Unreal wannan ya fi fitowa fili, domin can GPU ake tambaya kai tsaye, amsar kuma sai firam na gaba take isowa, shi ya sa abu kan makara da firam ɗaya idan aka sha kwana da gudu. `stat initviews` zai nuna lokacin da tambayoyin ke ci, `r.VisualizeOccludedPrimitives 1` kuma ya zana akwatunan abin da aka ɓoye.

Birnin da aka raba zuwa `Scene` da yawa ana lodawa ɗaya bayan ɗaya yana da nasa tarkon. Unity fayil ɗaya na bayanan tacewa yake riƙewa a lokaci guda. Idan aka yi wa kowace unguwa `Bake` ita kaɗai, unguwar da aka ƙara lodawa ba za ta samu tacewa ba, kuma babu wani abu a hoton da zai nuna hakan. A buɗe dukkan unguwannin tare a yi `Bake` sau ɗaya, a kuma maimaita shi duk lokacin da aka gusar da gini, domin tsohon lissafi zai ci gaba da ɓoye abubuwa a bayan bangon da aka riga aka rushe.