Sikirif ya mutu a tsakiya, sanarwa ta fita sau biyu

Na gaji da ganin wannan ɓarna a wajen ƙannenmu masu koyon rubuta sikirif a nan Damagaram. Yaro zai haɗa wanda ke ɗora sanarwa a WordPress, ya gwada da safe rezo na da kyau, ya ce ya gama. Ran da wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ya sake kunnawa, sai kowace sanarwa ta fito da 'yar tagwaicinta.

Kuskure na farko shi ne rubuta abin da aka aika sai bayan an gama duka. Ni ma na yi shi. Ina da sanarwa 40 na wata ƙungiya a Birni, sikirif ya aika 23, kwamfuta ta mutu. Fayil ɗin da zai tuna masa inda ya tsaya ko buɗe shi bai yi ba, don haka ya koma daga ɗaya. Kuma WordPress ba ya ƙin `slug`, wato sunan sanarwa a cikin adireshinta, ko da ya taɓa ganinsa, sai dai ya liƙa masa `-2` a wutsiya ya karɓa. Idan ka ga adireshi masu ƙarewa da `-2` sun yi layi, to ka san abin da ya same ka. Maganin wannan mai sauƙi ne: kowace ta fita, a rubuta nan take.

Na biyu shi ya hana ni barci, don na ɗauka na riga na gyara. Tsakanin aikawa da rubutawa akwai ɗan rami. Saƙo ya isa, sabar ta ɗora shi, amma amsarta ta ɓace a hanya saboda rezo ya yanke. Sikirif ya jira ya gaji, ya ce bai tafi ba, ya sake aikawa. Na ma saka masa ya gwada sau uku, ina jin ni gwani ne. Sanarwar rasuwa ce ta fito sau uku, kuma mai ƙungiyar, dattijo sa'an mahaifina, shi ya kira ni. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ɗana, sau nawa mutum ke mutuwa?"

Ku ji da kyau, ku masu kwafo dabarar sake gwadawa ba tare da kun karanta ba: rashin amsa ba ya nufin saƙo bai isa ba. Yana nufin ba ka sani ba, kuma wanda bai sani ba tambaya yake yi.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina da ƙaramin tebur a SQLite:

```sql
CREATE TABLE aike (
  makulli TEXT PRIMARY KEY,
  hali TEXT NOT NULL,
  post_id INTEGER
);
```

Kafin na aika ta 23, sai na rubuta `sanarwa-0023` da hali `ana_aikawa`, na yi `commit()`. Kada ka manta da shi, in ba haka ba rubutun zai mutu tare da sikirif. Sannan na aika, `slug` ɗinta kuwa wannan makullin ne. Amsa ta dawo, na mayar da hali `an_gama`, na ajiye lambar da sabar ta ba ni. Idan an sake kunnawa, duk mai `an_gama` tsallake ta ake yi. Wadda aka tarar a `ana_aikawa` kuwa, sabar ake tambaya tukuna:

```
GET /wp-json/wp/v2/posts?slug=sanarwa-0023
```

In ta dawo da abu, ya isa, a gyara tebur kawai. In babu komai, a aika. Sai dai wannan tambayar waɗanda aka riga aka buga kaɗai take nunawa; idan kana ajiye su a `draft` ko `future`, ka ƙara `status` kuma ka shiga da izininka.

Makullin kuma dole ya zama iri ɗaya kowane lokaci. Na ga wanda ya haɗa nasa da lokacin da sikirif ya tashi, wani da `uuid4()` sabo a kowace kunnawa. Haba, ƙanena, makullin da ke sauyawa kullum wace ƙofa zai rufe? Wasu na ciro shi daga rubutun kansa, ni dai ba na so, don gyaran harafi ɗaya zai mayar da tsohuwar sanarwa sabuwa. Lambar da ta zo da ita daga tushe nake amfani da ita.

Idan `cron` ke tayar da shi, sa `flock -n` a gaba, kada biyu su yi gudu tare. In kuma a Mastodon kake ɗorawa, yana karɓar `Idempotency-Key`, makullin da ke hana saƙo fita sau biyu, amma awa ɗaya kawai yake riƙe shi, wuta kuwa takan wuce haka ba ta dawo ba.

A Telegram abin ya fi wuya: `sendMessage` ba shi da irin wannan makulli, kuma Bot API ba ya ba ka hanyar karanta tsofaffin saƙonnin tasha. A nan ba na barin sikirif ya yanke hukunci. Ya tarar da `ana_aikawa`, tsayawa yake ya nuna mini lambar, ni kuma na buɗe waya na duba da idona, sannan na gyara layin da hannu.